Abin da Ke Ƙarƙashin AA, AS da SS: Yadda Lantarki Ke Rarrabe Jini a Gwajin Jinotayif

Takardar gwajin jinotayif ba ta da yawan magana. Suna, kwanan wata, haruffa biyu, sai hatimi da sa hannu. Amma haruffan nan biyu sun isa a sa ranar aure ko a fasa shi, musamman a Kano, inda tun 2024 doka ta wajabta gwajin lafiya kafin a ɗaura aure, har da na jinotayif. Kuma kusan kowa ya taɓa jin labarin wanda aka ce masa AA ne a wani wuri, bayan shekaru aka ce AS ne a wani. Jinotayif ba ya canzawa, da abin da aka haifi mutum da shi zai koma ga Mahaliccinsa. Idan takardu biyu suka saɓa, to a wajen gwajin ne ko wajen karanta shi aka samu matsala.

Na'urar da yawancin ɗakunan gwajinmu ke amfani da ita ba ta rubuta AA ko AS. Abin da take fitarwa 'yar takarda ce mai jajayen layuka, ma'aikacin lab ne ke duban layukan ya fassara su zuwa haruffa. Sunan aikin ilektiroforesis, wato tafiyar da abu ta hanyar ƙarfin lantarki.

Gurbi na shida

Himogulobin shi ne furotin da ya cika jajayen ƙwayoyin jini, shi ke ba jini launinsa, shi ke ɗauko iskar oksijin daga huhu ya kai wa sauran jiki. Kowane ƙwayar himogulobin sarƙoƙi huɗu ne a haɗe. A jikin babban mutum, biyu ana kiransu alfa, biyu beta, kuma wannan haɗin shi ne himogulobin A. Sarƙar beta jeri ne na amino asid 146, kowanne da gurbinsa. Duk labarin sikila a gurbi na shida yake.

A himogulobin A, amino asid da ke zaune a gurbi na shida sunansa gulutamik asid, yana ɗauke da cajin lantarki na nagatib, irin na gindin batir mai alamar −. A himogulobin S, wato na sikila, wani mai suna balin ne ya maye gurbinsa, shi kuwa ba shi da caji ko kaɗan. A himogulobin C kuma laisin ne ya zauna a wurin, wanda cajinsa fosatib ne, alamar +. Tun da sarƙar beta biyu ce a kowane himogulobin, lissafin yana ninkuwa. S ya rasa nagatib biyu idan aka kwatanta shi da A. C kuwa ya rasa biyu ya kuma ƙaro fosatib biyu, tazararsa da A ta zama huɗu ke nan. Mai karatu ya riƙe wannan lissafi na sifili, biyu, huɗu, domin shi ne zai fito ƙuru-ƙuru a kan takardar.

A 1949 ne Linus Pauling da Harvey Itano da abokan aikinsu a Amurka suka nuna cewa himogulobin mai sikila yana tafiya dabam da na sauran mutane idan aka saka shi cikin lantarki, kuma jinin mai ɗauke da ƙwayar cutar gauraye ne na iri biyun. A lokacin ba su san ainihin abin da ya canza ba. Sai a 1956 da 1957 Vernon Ingram, a Cambridge ta Ingila, ya gano cewa amino asid guda ɗaya tak ne.

A kan teburin lab

Ana ɗibar jini a 'yar kwalba mai murfi ruwan hoda-shuɗi, wadda ke ɗauke da sinadarin EDTA don kada jinin ya daskare. Ma'aikaci zai wanke jajayen ƙwayoyin da ruwan gishiri na asibiti don ya raba su da ruwan jini, wanda ke da nasa furotin da za su iya ɓata takardar. Daga nan sai ya fasa ƙwayoyin da tataccen ruwa ko wani sinadari, himogulobin ya fito ya zama jan ruwa garau.

Takardar da ake amfani da ita fara ce, siririya, ana ce mata selulos asitet. Ana jiƙa ta cikin wani ruwa da ake kira bafa, wanda aikinsa shi ne ya tsayar da ma'aunin pH a wajen 8.4 zuwa 8.6, wato ɓangaren kanwa ba na tsami ba. Wannan zaɓi ne da gangan. A irin wannan ruwa duk wani himogulobin yakan zama mai cajin nagatib, har da C, sai dai wani ya fi wani yawa. Saboda haka dukkansu gefe guda za su nufa, gefen +, bambancinsu a sauri ne kawai.

Ana ɗan tsane takardar, a ɗiga jinin mutane da dama a jere kusa da gefen −, kowa da hanyarsa. Sai a shimfiɗa ta a cikin tanki, a rufe, a kunna wuta. Yawanci bolt 250 zuwa 350 ne, na minti 20 zuwa 30, gwargwadon irin na'urar. Abin da ke faruwa a ciki tsere ne: an tashi daga layi ɗaya, an nufi wuri ɗaya, idan aka kashe wuta kowa ya tsaya inda ya kai. A ya fi kowa nagatib, shi ne a gaba. S yana baya. C ya fi kowa jan ƙafa, yana kusa da inda aka ɗiga jinin. S kuwa kusan a tsakiyar tazarar A da C yake tsayawa, kamar yadda lissafin nan na biyu da huɗu ya nuna.

Da yake himogulobin ja ne, ana iya ganin manyan layuka tun kafin a yi komai. Amma aiki mai kyau shi ne a tsoma takardar cikin wani jan rini mai kama furotin, ana kiransa fonso, sannan a ɗauraye ta da ruwan asetik asid mai rauni har bayanta ya koma fari. A nan ne ƙananan layuka ke bayyana, kuma sau da yawa a cikinsu amsar take.

Akwai hanya ɗaya a takardar da ba ta kowane majiyyaci ba ce, ita ce ta kwantirol: jini ne da an riga an san abin da ke cikinsa, mafi kyau wanda ya haɗa A da F da S da C. Babu wani awo na santimita da za a ce nan ne gurbin S har abada. Nisan tafiya yana canzawa da zafin ɗaki, da ƙarfin wuta, da tsufan bafa. Ana gane layi ne kawai idan aka daidaita shi da na kwantirol da aka gudanar tare a takarda ɗaya. A ganina, lab ɗin da ke karanta takarda ba kwantirol hasashe yake yi, ko da hasashen yana yawan dacewa.

Karanta layukan

Idan aka fara daga gefen + aka dawo baya, jerin shi ne A, sai F dab da shi, sai S, sai C. F himogulobin ɗan tayi ne, za mu dawo kansa.

Hanyar mai AA layi ɗaya ne mai kauri a gurbin A, domin kusan kashi 97 cikin 100 na himogulobin ɗinsa A ne. Idan rinin ya kama da kyau za a ga wani ɗan layi dishi-dishi can baya a gurbin C. Wannan ba C ba ne. Himogulobin A2 ne, wanda kowane mai lafiya ke da shi kashi 2 zuwa 3.5, kuma ya dace cajinsa ya yi daidai da na C. Abin da ke raba su kauri ne. A2 bai taɓa yin kaurin babban layi ba, don haka layi mai kauri a wannan gurbi wani abu ne dabam.

Mai AS layi biyu gare shi, ɗaya a A ɗaya a S. Mutum zai yi zaton za su yi kunnen doki, tun da ɗaya daga uwa yake ɗaya daga uba, amma ba haka ba ne. A yakan kai kashi 55 zuwa 60, S kuwa 35 zuwa 40 ko sama kaɗan. Dalili shi ne sarƙar alfa ta fi saurin haɗuwa da beta na A fiye da beta na S. Don haka a AS na gaskiya, layin A ne ya fi kauri koyaushe. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya haka hanyarsa take.

Mai SS ba shi da komai a gurbin A. Babban layi ne a S, sau da yawa kashi 80 zuwa sama da 90, da ɗan layin A2 a baya, da kuma layin F a gabansa wanda kaurinsa ya bambanta daga mutum zuwa mutum.

AC yana kama da AS, sai dai tazarar layukan biyu ta ninka, tsakiyar kuma wayam. CC layi ɗaya ne mai kauri can baya. SC kuwa layi biyu ne masu kusan kauri ɗaya, a S da C, babu komai a gaba. Himogulobin C ya fi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso, ana kuma samunsa sosai a ƙasar Yarbawa, ya fi ƙaranci a ƙasar Hausa amma akwai shi. Wasu na ɗauka tun da babu S a takardar mai AC, to zai iya auren kowa. Idan AC ya auri AS, kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu na zama SC, kuma SC cutar sikila ce. Takan fi SS sauƙi, amma tana kawo ciwon ƙashi, tana taɓa ido da kan ƙashin cinya, tana kuma wahalar da mace mai juna biyu.

Ga wani kuskure da ke iya faruwa a nan. AS layi biyu ne, SC ma layi biyu ne, kuma tazarar da ke tsakaninsu kusan ɗaya ce. Bambancin kawai inda suka tsaya. Wanda ya kalli hanyar ita kaɗai, ba kwantirol a gefenta, zai iya ba mai SC takardar AS.

Idan S ya fi A kauri

A ce an ga layi a A da layi a S, amma na S ne ya rinjaya. Wannan ba AS ba ne, ko da haruffan da ke hanyar su ne A da S. Tambayar farko da ya kamata a yi ita ce: an yi wa mutumin ƙarin jini kwanan nan? Jan ƙwayar jini mai lafiya takan rayu kusan kwana 120. Yaro mai SS da aka ƙara wa leda ɗaya ko biyu a watan jiya yana yawo da himogulobin A na wanda ya ba shi jini, kuma na'ura ba ta san na aro ba ne. Idan jinin da aka ƙara yana da yawa, A ma zai iya rinjayar S, hanyar ta fito kamar ta AS sak. Shi ya sa ake cewa a jira wata uku zuwa huɗu bayan ƙarin jini kafin a yi gwajin. Daga irin wannan ne wani lokaci ake samun labarin cewa wane ya warke, ya tashi daga SS ya koma AS. Bayan 'yan watanni layin A zai ɓace, ciwon yana nan.

Idan ba a yi ƙarin jini ba, abin da ake zargi shi ne mutumin ya gaji S daga ɗaya cikin iyayensa, daga ɗayan kuma ya gaji beta talasimiya. Ita talasimiya ba ta canza siffar sarƙar beta, yawanta take ragewa. A wani nau'inta ana ƙera A kaɗan, sai a ga siririn layin A, kamar kashi 5 zuwa 30, a gaban babban layin S. Wannan mutum mai cutar sikila ne, yana bukatar kulawar asibitin masu sikila. Rubuta masa AS zalunci ne, domin zai yi ta fama da ciwo ana ce masa ai kai ɗauke da ita kawai kake.

Gurbi ɗaya, baƙi da yawa

Iyakar wannan gwaji ita ce caji kawai yake gani. An san ɗaruruwan nau'o'in himogulobin, kuma duk biyun da cajinsu ya zo ɗaya za su tsaya wuri ɗaya. A gurbin S akwai D da G. A gurbin C, ban da A2, akwai E, wanda ya yi yawa a kudu maso gabashin Asiya, da kuma O-Arab, wanda ake samu a Sudan da wasu sassan Afirka da Gabas ta Tsakiya. Layi a gurbin S yana nufin "wani abu mai tafiyar S", bai kai shaidar sikila ba tukuna.

Tabbatarwa ba ta da wuya. Abin da ya keɓanta S shi ne idan aka raba shi da oksijin yakan dunƙule ya yi dogayen sanduna, su ne ke lanƙwasa ƙwayar jini ta koma kamar lauje. Ana ɗiga jinin a gilashi tare da sinadarin sodiyom metabaisalfait, a rufe, a duba a madubin likita ko ƙwayoyin sun lanƙwashe. Ko kuma a zuba shi cikin kwalba mai sinadarin ditayonait, idan akwai S ruwan ya yi gurɓi har ba a iya ganin rubutu ta cikinsa. D da G ba sa yin ko ɗaya. Amma a kula, waɗannan gwaje-gwaje biyu suna cewa "akwai S" ne kawai, ba sa raba AS da SS da SC. Duk wanda aka ba shi jinotayif da su kaɗai, ba a yi masa gwajin jinotayif ba.

Hanya ta biyu ita ce a sake tseren a wani fili, a kan agar mai tsami, pH wajen 6.0 zuwa 6.2. A nan ba caji kaɗai ke aiki ba, har da yadda kowane himogulobin ke manne wa agar ɗin. Jerin yakan koma F, A, S, C, inda D da G da E suke barin tsofaffin gurabensu su koma tafiya tare da A, a bar S da C kowa shi kaɗai. Layin da ya tsaya a S a takardar farko, ya kuma tsaya a S a ta biyu, wannan S ne. Manyan asibitoci yanzu sun fi dogara da na'urar HPLC, wadda ke fitar da kason kowane himogulobin da lamba, kodayake ita ma tana da nata baƙin da ke haɗa gurbi.

F, maƙwabcin A

Jariri a ciki yana rayuwa ne da himogulobin F, wanda a maimakon sarƙar beta yake da gama. Ranar haihuwa F ne mafi yawa, kashi 60 zuwa 90, sannan ya yi ta raguwa har ya koma ƙasa da kashi 1 ko 2 bayan shekara guda. Saboda haka takardar jariri sabon haihuwa babban layin F ce, da 'yan ƙananan layuka a gefensa. Ana rubuta sakamakon ne bisa jerin yawa: FA lafiya lau, FAS mai ɗauke da ƙwayar, FS kuwa ana zargin SS. Matsalar ita ce a selulos asitet F yana manne da A, ƙaton layin F zai iya haɗiye ɗan siririn A. Don haka gwajin jarirai ya fi dacewa da HPLC ko wata hanya mai kaifi, kuma akan sake shi bayan wata shida.

Manya ma F na iya ruɗar da mai karatu. Wasu masu SS suna riƙe F da yawa, kashi 10 zuwa 20 ko fiye, masu shan maganin haidiroksiyuriya kuma nasu ƙaruwa yake yi, domin aikin maganin ke nan. Idan an cika jini a takardar, ko an kashe wuta da wuri, ko bafa ta tsufa saboda an yi ta maimaita ta, layuka sukan yi faɗi su shiga juna. Sai a ga layi a gaban S a ɗauka A ne, alhali F ne da ya tsaya 'yan milimita kafin gurbin A.

A ɗauki misali. Yarinya 'yar shekara uku tana yawan kumburin hannu da ƙafa, idonta ya yi rawaya, ba a taɓa ƙara mata jini ba. Hanyarta ta nuna babban layi a S, matsakaici a F, babu komai a A. An rubuta SS. Takardar uwa ta ce AS, ta uba kuma ta ce AA, har sau biyu a wurare dabam-dabam. Kowa ya san inda zancen zai nufa a gida, da kuma wadda za a kalla.

Mai sanin aikin zai fara da sake gwada su ukun a takarda ɗaya da kwantirol, da sabon jini da aka rubuta suna a gaban mai shi, domin musayar kwalabe ma tana faruwa. A ce sakamakon bai canza ba: uba layi ɗaya a A. Sai a dubi ɗan layin nan na baya, a ga ya ɗan fi na sauran mutane duhu. Ido ba ya iya auna wannan, sai a kai jinin HPLC, ta ce A2 ɗinsa kashi 5 ne, sama da iyakar 3.5. A ƙidayar jini kuma a ga ƙwayoyinsa ƙanana ne, ma'aunin MCV ya tsaya a 65 maimakon 80 zuwa sama. Uban yana ɗauke da beta talasimiya, nau'in da ba ya ƙera sarƙar beta sam. Ƙwayar gadonsa ɗaya mai lafiya ita ke ƙera duk A ɗin da ake gani, ɗayar shiru take, kuma abin da bai ƙera komai ba ba shi da layi. Yarinyar ta gaji S daga uwa, ta gaji shirun daga uba, don haka S kaɗai jikinta ke ƙerawa. Ita ma idan aka duba za a tarar ƙwayoyinta ƙanana ne, A2 ɗinta ya haura.

Beta talasimiya ba ta da yawa a Najeriya idan aka kwatanta da S, amma tana nan. Sunan ciwon yarinyar S-beta talasimiya, kulawarsa iri ɗaya ce da ta SS, kuma gwajin DNA ne ke rufe maganar idan ana bukatar tabbaci na ƙarshe. Ga iyayen kuma, kowane ciki na gaba yana da damar ɗaya cikin huɗu na zuwa da irin wannan, daidai da auren AS da AS, duk da takardar uban ta ce AA.